Abin da Aka Ɗauka Lokacin Hutun Azahar

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a lakwal kafin in ajiye alli in koma biron haɗaɗɗiyar ƙungiyoyin manoma da ke garinmu, Tasawa. Sakatariya aka ɗauke ni. Biron ɗaki biyu ne da rumfa, sai bishiyar bedi a tsakar gida wadda kowa ke jingina motonsa, wato babur, a gindinta. Aikina rubuta takardu, ajiye su, da kiran taro. Da yake ni ce na fi kowa sabawa da ordinata, wato kwamfuta, sai taron bidiyo ma ya faɗo wuyana.

Muna da reshe a Mayahi. A da, in za a yi taro sai mutanen can su taso tun da asuba, ko mu mu tafi, a ƙona esansi, wato fetur, a ɓata yini. Daga baya wata madam da ke kula da mu daga Maraɗi ta buɗe mana hanyar yin taro ta intanet. Mutanenmu su taru a rumfarmu, na Mayahi su taru a tasu, ita kuma tana bironta, kowa yana ganin kowa. Ni ke buɗe taron, ni ke danna wurin ɗauka. In an tashi, bidiyon ba a ordinatarmu yake zama ba, can wurin kamfanin da ke da manhajar yake ajiye, cikin rumbunsu na intanet. Bayan kamar awa ɗaya sai saƙo ya zo cewa ya kammala, tare da liyen, wato adireshin da in ka danna za ka kalla, da lambar sirrinsa. Sai in tura su cikin rukunin shugabannin ƙungiyoyi a waya, domin wanda bai samu zuwa ba. Da yake wurin da kamfanin ya ba mu ba shi da yawa, nakan kuma sauke bidiyon in ɗora shi a wata ma'ajiya daban ta intanet, inda muke tara takardun biro. Haka nake yi kowane wata, har hannuna ya saba, ba na ko tunani.

Wata Talata, damina na ƙaratowa, muka yi taro kan rabon irin gero da wake. Cikin waɗanda suka zo har da shugabar matan wani ƙauye da ke yankin Hawandawaki. Dattijuwa ce doguwa, ta ba hamsin baya, mai ƙarancin magana, amma in ta buɗe baki maza ma shiru suke yi. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malama, don ɗanta na biyu ya taɓa zama ajina. Tana da ƙanwa da ke aure wajen Kanambakashe, ita ma tana cikin ƙungiyar can, kuma ranar ta zo taron a Mayahi. Sun kusa shekara biyu ba su sa juna a ido ba.

Da aka kira azahar, Alhaji, shugaban haɗaɗɗiyar, ya ce a je a yi salla a dawo. Maza suka nufi masallaci. Ni na fita bayan biro in yi alwala, daga nan na tsaya wajen mai abincin da muka yi wa oda. Akwai wurin da ake dannawa a dakatar da ɗauka, kullum ina danna shi in za a yi hutu. Ranar ban danna ba. Ba ni da wani uzuri, mantawa na yi.

Da na dawo na tarar da Inna ta jawo kujera gaban ordinata, ƙanwarta kuma ta cika fuskar allon daga can. Na ji daɗin ganinsu. Har na yi musu ba'a, na ce yau an yi zumunci ba kuɗin mota. Inna ta yi murmushi ta koma wurinta. Aka ƙarasa taro, aka watse kafin la'asar. Da saƙon kamfanin ya zo na tura liyen cikin rukuni, na sauke bidiyon, na ɗora a ma'ajiyarmu, na kulle biro na tafi gida.

Washegari da hantsi na zauna rubuta rahoton taron. Na sa abin ji a kunne ina bin bidiyon, ina tsayarwa ina rubutu. Da na iso inda Alhaji ya ce a je salla, na kai hannu zan tsallake, sai na ga lokacin bai yanke ba. Kujeru ne ba kowa, sai kukan akuya daga waje. Can sai ga Inna ta shigo cikin hoton ta zauna.

Suka gaisa, suka tambayi yara da jikoki. Sai ƙanwar ta ce, “Yaya, kin rame.”

Inna ta waiwaya ta dubi ƙofa, ta matso da bakinta kusa da ordinata. “Akwai wanda ke kusa da ke?”

“Babu, duk sun tafi salla.”

“To ki riƙe wannan a cikinki. Wani abu ne ya fito mini a nono na hagu, kamar ƙwallon dabino. Tun kaka nake jin shi. Ba ya ciwo, amma yana girma.”

Ya kamata in cire abin daga kunnena a nan. Ban cire ba. Na ji ƙanwar tana tambaya ko ta je likita, Inna ta ce a'a. Ta ce ko maigidanta bai sani ba. Ta ce in magana ta fita, kafin rana ta faɗi za a ce jifa aka yi mata, kuma kowa ya san wadda za a nuna da yatsa, matar da suka yi takarar shugabanci da ita, alhali baiwar Allah ba ta yi mata komai ba. Ta ce kuma ta ji in aka je likita yankewa suke yi. Ƙanwar tana kuka tana goge ido da bakin mayafi. Sun yi kusan minti ashirin, har lokacin da aka ji muryata ina shigowa da ba'ata.

Na tsayar da bidiyon. Mutum talatin da wani abu ne a rukunin da na tura wa liyen, har da mutane biyu daga ƙauyen Inna. A farkon kowane taro manhajar takan faɗa da bakin Turawa cewa ana ɗauka, kuma akwai ɗan jan ɗigo a kusurwar allo. Inna ba ta jin bakin, ba ta san ma'anar ɗigon ba. A wajenta, ta ga kujeru babu kowa, ta ɗauka ita da ƙanwarta ne kaɗai.

Abu na farko da na yi shi ne na shiga shafin da bidiyoyinmu suke na kashe rabawa, yadda duk wanda ya danna liyen ɗin ba zai buɗe masa ba. Na gwada da wayata, ya ƙi. Sannan na duba ƙidayar da shafin ke nunawa. An kalla sau uku, an sauke sau biyu. Ba ya faɗin sunaye, domin ba mu taɓa sa a riƙa neman sunan mai kallo ba. Sauka ɗaya tawa ce. Kallo kuwa ko ɗaya ba nawa ba ne, don ni na cikin ordinata nake bi.

Bidiyon taro ba abu ɗaya ba ne a wurin kamfanin. Akwai hoton da murya, akwai murya zalla a gefe, akwai kuma ɗan rubutun da aka yi wa juna lokacin taro. Na zaɓi taron gaba ɗaya na danna sharewa. Sai ya gaya mini abin da na riga na sani, cewa zai koma kwandon shara ya zauna kwana talatin, kuma a cikin kwanakin nan ana iya maido shi. Na bar shi a nan tukuna. Na je ma'ajiyar takardunmu, wadda Alhaji da madam ta Maraɗi su ma suke iya buɗewa, na cire wanda na ɗora jiya. Shi ma kwandonsa ya faɗa, don kowace ma'ajiya da nata kwandon. Share na kamfanin taro bai taɓa wannan ba, kamar yadda share wannan ba zai taɓa na cikin ordinatata ba.

Ban goge su har abada ba a lokacin saboda muna da doka a rubuce, wadda ni kaina na buga, cewa bidiyon kowane taro zai zauna shekara ɗaya. Ba ni da ikon karya ta ni kaɗai. Amma daga cikin kwando ba wanda zai kalla, kuma wannan ya ba ni damar numfashi.

Saura wanda ya sauke. Zuciyata ta ba ni jami'inmu na Mayahi ne, wani malamin gona mai yawan fara'a da yakan sauke bidiyon taro ya kai wa ƙungiyoyin da ke arewa, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa, ya kunna musu a gindin itace. Na kira shi. Iska nake ji da ƙarar moto.

“Malam, kana ina?”

“Madam, ina kan hanyar Isawan. Bari in tsaya.” Ƙarar ta mutu. “Lafiya dai?”

“Kai ka sauke bidiyon jiya?”

“Ni ne. Shi zan kai musu ma, suna jirana, suna son su ji maganar iri da kunnensu.”

“Ka kalla?”

“Na buɗe farkonsa don in tabbatar murya na fita, sai na sauke. Me ya faru?”

Na ce, “Ina roƙonka don Allah kada ka kunna shi. Na yi kuskure, ban tsayar da ɗauka lokacin salla ba, maganar wasu ta shiga wadda ba ta taro ba ce. Ka goge shi daga ordinatarka, ka shiga kwandon shara ka sake gogewa. In ka sa a kile na USB ko katin waya, can ma ka goge.”

Shi ne ya kafa ordinata a Mayahi ranar, ya ga wadda ya bari zaune gabanta da zai tafi masallaci. Na san ya gane, amma bai kira sunan kowa ba.

“To me zan gaya wa mutanen Isawan?”

“Kana wurin taron. Ka gaya musu da bakinka. Zan turo maka abin da aka yanke a rubuce kafin ka fita daga rezo.”

“Za su ce na ƙara gishiri,” ya ce, yana ƴar dariya. “Ba komai. Ga ni a gindin wani gawo, yanzu zan buɗe jaka.”

Bayan minti goma ya turo mini hoton allon ordinatarsa, kwandon babu komai. Kallo ɗaya cikin ukun nan nasa ne ke nan.

Alhaji ya shigo wajen sha ɗaya. Ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi, mutum mai son tsari, wanda ba ya son a ce an yi abu a bayan idonsa. Na bi shi ɗakinsa na rufe ƙofa, abin da ban saba yi ba. Ya ɗago ya dube ni.

Na gaya masa na bar ɗauka a kunne lokacin hutu, sirrin wani ya shiga, na riga na tura liyen, na kuma kashe shi. Na ce ina neman izini in goge bidiyon gaba ɗaya.

“Sirrin wa?”

“Alhaji, in na faɗa maka na ƙara mutum ɗaya a kan waɗanda suka sani.”

Ransa bai so ba. Ya ce taron rabon iri ne, taron da aka fi yin gardama a kansa, kuma in gobe wani ya tashi ya ce ba haka aka yanke ba, da me za mu kare kanmu? Ya ce ya ji ana iya datse wani yanki a bar saura.

Na ce, “Datsewar da ke cikin namu shafin ɓoyewa take yi ga mai kallo, asalin yana nan a ƙasa. In kuwa na yanka shi a ordinata, sai na nemi wanda ya iya, shi ma ya ji. Ni abin da na gani, in rubuta rahoto dalla-dalla, in karanta wa wakilai, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Ai kafin bidiyo haka muke yi.”

“Madam fa? Ita ta kawo dokar.”

“Ni zan kira ta. Laifina ne, ni zan faɗa.”

Ya daɗe yana juya carbi. Sannan ya ce, “Jiya bayan la'asar na buɗe abin a wayata. Na ga kaina ina magana, hulata a karkace, sai na rufe.” Ya gyara zama. “Maganar nan, ta cuci ƙungiya?”

“Ko kaɗan. Ba ta shafi ƙungiya ba.”

“To rubuta rahotonki. In an sa hannu ki goge. Kuma kada ki sake barin shi a kunne.”

Kallo na biyu ke nan na gano. Madam ta Maraɗi ba ta ja magana ba. Ta ce ba ta ko buɗe ba tukuna, ta ce in rubuta a littafin biro ranar da aka goge da dalili a taƙaice, ba tare da sunan kowa ba. A rukuni kuma na rubuta cewa bidiyon ya samu matsala, za a turo rahoto a madadinsa. Ba ƙarya ba ce, amma na ji nauyin rubuta ta.

Kwana huɗu na yi ina bin wakilai. Na Mayahi malamin gona ya tattara mini. A cikin kwanakin nan ba dokar biro ce ke damuna ba. Ina cin tuwo ina tuna ƙwallon dabino. Ina iya goge komai in yi shiru, Inna ba za ta taɓa sani ba, kuma babu wanda zai zarge ni. Amma uwata ta goye ni da maganar cewa wanda ya ga rami a hanya ya wuce bai faɗa ba, da shi aka haƙa. Kuma akwai kallo na uku da ban san na wane ne ba. In magana ta fito ta wata kafa, gara a ce Inna ta fara ji daga bakina.

Ranar Litinin na ɗauki ordinata a jaka, na hau bayan ɗan kabu-kabu muka kama hanyar Hawandawaki. Bayan mun bar kwalta sai yashi, moto na ta wutsil-wutsil, sau biyu ina sauka in taka. Gonaki duk an share, an tara kara an ƙona, ana jiran ruwa. Na iske Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri tare da surukarta. Ta yi mamakin ganina, ta sa aka kawo fura. Na ce takardar taro na kawo ta dangwala. Da ta dangwala na ce ina son mu shiga daga ciki.

A ɗakinta na durƙusa a bakin gado. Na faɗa mata komai, tun daga maɓallin da ban danna ba har liyen da na tura. Ban ɓoye mata kallo na uku ba.

Fuskarta ta ɗaure, irin yadda take yi a taro in wani ya faɗi shirme.

“Ke kin ji?”

“Na ji, Inna.”

“Duka?”

“Duka.”

“Kina ji kin san ba da ke ake ba, ba ki tashi ba.”

Na sunkuyar da kai. Wannan ta fi mini zafi, don gaskiya ce.

“Ashe abin nan yana da kunne ko ba kowa a ɗaki,” ta ce. “Mu kuna tara mu gabansa ba ku taɓa gaya mana ba.”

Na ce wannan ma laifinmu ne. Na ce maganar tana nan a wuri biyu a intanet da kuma cikin ordinatar nan, a kulle, kuma na zo ne in goge a gabanta don ta gani da idonta. Ta ce ita me ta sani a ciki da za ta gani? Amma ta yafa mayafi. A ƙauyensu rezo ba ya kamawa sai a kan wani tudu bayan rijiya, inda mutane ke zuwa kiran ƴan'uwansu da ke ci-rani. Muka tafi can. Rana ta take, babu kowa sai tumaki. Muka zauna a inuwar aduwa, na haɗa ordinata da intanet ɗin wayata.

Shafin ya daɗe yana juyi kafin ya buɗe. Na nuna mata kwandon sharar kamfanin taro, da layin da ke ɗauke da ranar Talatar nan.

“Ga shi. In aka bar shi, bayan kwana talatin zai tafi da kansa. In na danna nan kuma, yanzu zai tafi, ni ma ba zan iya maido shi ba.”

“Ba kamar rumbu ba ne, da za a share a samu tsaba a lungu?”

Na yi tunani kafin in ba ta amsa, don ban so in sake yi mata wani kuskuren. Na ce, “Cikin injinansu ban san kwana nawa yake ɗauka kafin ya ɓace sarai ba. Amma daga wajenmu, ni da Alhaji da madam da duk wanda ke da liyen, ba mai sake ganinsa.”

“Danna.”

Na danna. Ya tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Layin ya ɓace. Na shiga ma'ajiyar takardu na yi haka a nata kwandon. Rezo ya yanke a tsakiya, sai da na ɗaga wayar sama na sake shiga, na tabbatar babu shi. Daga ƙarshe na goge na cikin ordinata, na zubar da kwandonta. Inna tana kallon allon kamar mai kallon awon hatsi a kasuwa, ba ta ƙifta ido.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan abin da ke hannuna.”

Na rufe ordinata. Na san in na tashi yanzu ba zan sake samun bakin magana ba. Na ce, “Inna, na goge na inji. Wanda ke kunnena ba zai fita ga kowa ba har in mutu. Amma tunda Allah ya sa na ji, ki bar ni in faɗi ɗaya.”

Ba ta ce in faɗa ba, ba ta kuma hana ni ba.

Na ce ni ba likita ba ce, ban san ko mene ne ba, ita ma ba ta sani ba. Na ce ba kowane ƙullutu ne mugu ba, kuma ko mugun ne, wanda aka kai da wuri ba ɗaya yake da wanda aka zauna a kansa ba. Na ce akwai wata ungozoma a asibitin Tasawa da muka yi lakwal tare, mace mai riƙe baki. Ranar da za a zo ɗaukar iri kowa ya san Inna za ta shigo gari, ba wanda zai tambayi inda ta biya.

“Ga shuka ta zo,” ta ce.

“Dubawa ce kawai, ba ta cin yini.”

Ta tsinke wani ɗan kara tana karyawa guntu-guntu. “Ƙanwata ma kullum sai ta kira wayar surukata ta ce a ba ni. Kun haɗa baki ne?”

“Ban taɓa yi mata maganar ba.”

Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta. “Sai na gani,” ta ce. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa a karo na biyu ba. Amma da zan hau moto ta sa surukarta ta ɗaura mini gyaɗa a leda.

Ranar ɗaukar iri na yi ta duban ƙofa. Amalanke na shiga suna fita, ba Inna. Sai wajen azahar na hango ta a gindin bedi, ita da wata mace mai kama da ita sak, sai dai gajeruwa. Ƙanwar ce, ta taso tun daga Kanambakashe. Inna ta ce, “Malama, ina ƙawar taki take?”

Ungozomar ta duba ta, ta haɗa ta da likita, likita ya rubuta takarda zuwa Maraɗi. A nan ne dole Inna ta gaya wa maigidanta. Ƙanwar ta ba ni labari daga baya cewa tsohon bai yi faɗa ba, sai ya zauna a ƙofar ɗaki yana ta cewa, tun kaka, tun kaka. Shi da babban ɗansu suka kai ta. An yi mata gwaje-gwaje, aka ɗebi ɗan yanki aka aika, suka jira makonni. Bayan an yi noman farko aka yi mata aiki. Ba a cire nonon ba, ƙullutun aka fitar da abin da ke kewaye da shi, aka ce ta riƙa dawowa ana dubawa. Matan ƙungiyarta suka yi mata gayya suka nome gonarta. Wadda ta tara su kuwa ita ce matar da suka yi takara.

A biro na canza yadda nake buɗe taro. Kafin in danna komai nakan tashi tsaye in ce da Hausa, yanzu za a fara ɗauka, duk abin da aka faɗa gaban abin nan zai shiga. In an tafi hutu in dakatar, in kira mutum ɗaya daga cikin wakilai ya zo ya ga jan ɗigon ya daina. Ba na kuma tura liyen sai na bi bidiyon daga farko har ƙarshe. Alhaji ya kawo shawarar a rage zaman bidiyo daga shekara zuwa wata uku in an sa hannu a rahoto, aka amince. Yanzu kowane farkon wata ina zama in bi su wuri-wuri, na kamfani, na ma'ajiya, na ordinata, kowanne da kwandonsa.

Mai kallo na uku har yau ban san shi ba. Wataƙila ya buɗe rezo ya yanke masa, wataƙila ya kalla har ƙarshe ya riƙe bakinsa. Na yi wata biyu ina kasa kunne a duk inda mutanen yankin suka taru, ban ji ko tari ba.

Inna ta dawo taro bayan an yi girbi. Ta ɗan faɗa, tana ɗaga hannun hagu a hankali, amma muryar na nan. Ranar ana maganar ajiyar wake ne. Da aka gama, kafin Alhaji ya yi addu'ar tashi, ta ce tana da magana da mata, maza su ba su wuri, a nan da Mayahi. Maza suka fita suna ƴan gunaguni. Na kai hannu zan dakatar da ɗauka.

“Bar shi,” ta ce. “Wannan ina son matan Isawan su ji. Ki ba malamin gonar nan ya kai musu, amma ya ba mace ta kunna.”

Ta gyara kujera ta fuskanci ordinata, ta tambaye ni ko daga nan ana jin ta sosai. Na ce ana ji. Sai ta fara ba su labari tun daga ranar da ta fara jin abin a ƙarƙashin yatsunta tana wanka.